Ba ka da digiri amma ka iya aikin: yadda za ka gabatar da abin da ka koya da kanka

Kuskuren da na fi gani a takardun masu neman aiki da suka koyi sana'a da kansu shi ne jera satifiket. Mutum zai cika rabin shafi da kwasa-kwasai goma sha biyar, daga na awa biyu har na wata shida, duk a layi ɗaya, wai don ya toshe gurbin da digiri ya bari. Mai ɗaukar ma'aikata kuwa ba ya karanta wannan jerin a matsayin ƙwarewa. Abin da yake gani shi ne mutum ya kalli bidiyo da yawa.

Kafin ka taɓa takardarka, ka fahimci abin da digiri yake yi wa mai ɗaukar aiki. Yana gaya masa abu uku: wani wanda ba kai ba ya jarraba ka, ka fara abu mai tsawo ka kai ƙarshensa, kuma akwai inda za a je a tabbatar. Kai da ba ka da shi, sai ka kawo waɗannan ukun ta wata hanya. Duk abin da ke ƙasa a kan haka ya ginu.

Don maganar ta zauna, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata mata ce ta yi shekara huɗu tana riƙe da lissafin sito a wani kamfanin rarraba kaya. Iyakar karatunta sakandare. Da dare ta koyi Excel sosai, ta koyi SQL, wato harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, ta gama kwas ɗin Google Data Analytics a dandalin karatu na intanet Coursera, kuma tana da satifiket tara na wasu kwasa-kwasai, yawancinsu ƙanana. Yanzu tana son aikin ƙaramar mai nazarin bayanai. Alƙaluman da zan kawo game da ita na misali ne kawai.

Fara da tallar aikin, ba da kanka ba

Ka samo tallar aiki biyar zuwa goma na irin gurbin da kake so, ka karanta su da biro a hannu. Abu biyu kake nema.

Na farko, yadda aka rubuta sharaɗin digiri. Idan ka ga "or equivalent experience" a bayan maganar digiri, ko an sa digirin a ƙarƙashin "preferred", ƙofa a buɗe take, kamfanin da kansa ya ce gogewa za ta iya tsayawa a madadinsa. Idan yana ƙarƙashin "required" ba tare da wani ƙari ba, a ƙananan kamfanoni sau da yawa ana iya tattaunawa, a manya kuwa da wuya.

Na biyu, kalmomin da suke maimaituwa. Matar nan ta duba talla takwas, ta ga SQL a bakwai, Excel a duka takwas, manhajar haɗa rahoto ta Power BI a biyar, harshen shirya manhaja na Python a biyu kacal. Wannan ƙidayar ita ce za ta yanke abin da zai shiga takardarta da abin da zai fita. Kwas ɗin zanen hoto da ta yi, ko da ta ji daɗinsa, ba shi da wurin zama.

Tace satifiket ɗinka

Satifiket ba ɗaya suke ba, kuma masu ɗaukar aiki a fannin fasaha sun san bambancin. Tambayar da ke raba su ita ce: wa ya duba cewa ka iya?

Mafi nauyi su ne na jarrabawar da ake sa wa ido, inda ake duba katin shaidarka, mai tsaro yana kallonka a ɗakin jarrabawa ko ta kyamara, kuma ana iya faɗuwa. Irin su CompTIA A+ ga masu gyara da kula da kwamfuta, jarrabawowin AWS na kamfanin Amazon, da PL-300 ta Microsoft ga masu aiki da Power BI, wadda ake cin ta da maki 700 cikin 1,000. Waɗannan suna da wa'adi. Na CompTIA A+ da na AWS shekara uku ne, PL-300 kuwa duk shekara ake sabunta ta. Ka rubuta ranar samu da ranar ƙarewa. Satifiket ɗin da ya mutu kana nuna shi kamar yana raye ya fi rashinsa illa, domin dubawa ɗaya ta isa a gane.

Na tsakiya su ne dogayen kwasa-kwasai masu ayyukan da ake ba maki. Kwas ɗin Google Data Analytics, wanda ya fito a 2021, yana nan. Haka CS50, kwas ɗin kimiyyar kwamfuta na Harvard, wanda ba a ba ka satifiket ɗinsa sai ka samu aƙalla kashi 70 a kowane aikin gida da kuma aikin ƙarshe. Waɗannan suna nuna ka jure watanni kana abu guda.

Na ƙasa su ne takardun kammalawa, waɗanda sharaɗinsu kawai bidiyon ya kai ƙarshe. Satifiket ɗin Udemy irin wannan ne, kuma kamfanin da kansa yana faɗa cewa shi ba makaranta ce mai lasisin ba da shaidar karatu ba. Wannan ba ya nufin kwas ɗin banza ne. Na san waɗanda ainihin abin da suka iya a irin waɗannan kwasa-kwasai suka koye shi. Ilimin yana da amfani, takardar ce ba ta shaidar komai, don haka ilimin za ka nuna ta hanyar aiki, takardar ka bar ta a aljihu.

Bayan tacewa, matar nan ta rage da guda biyu daga cikin goma: na Google, da wani dogon kwas na SQL mai ayyuka. Tun da Power BI ya fito a talla biyar, ta yanke shawarar zama PL-300. Shawarata ga duk wanda zai iya ita ce jarrabawa guda mai tsaro, wadda ta dace da tallar da yake bi. Guda ɗaya ta fi ƙarin kwas biyar.

A wajen rubutawa, kowane satifiket layi ɗaya: sunansa yadda yake a jikin takardar, wanda ya bayar, wata da shekara, da adireshin tabbatarwa. Coursera tana ba kowane satifiket adireshi mai farawa da coursera.org/verify, kamfanoni da yawa kuma suna ba da tambarin shaida ta Credly. A LinkedIn wurinsu shi ne "Licenses & certifications", inda akwai gurbin "Credential ID" da "Credential URL". Ka cike su. Sannan ka buɗe adireshin a wata na'ura da ba ka shiga da sunanka ba, ka ga ko yana buɗewa, kuma sunan da ke jiki daidai yake da na takardarka.

Ga wani rami da mutane ke faɗawa: sa kwas ɗin intanet a ƙarƙashin "Education" da sunan jami'a a sama, ta yadda mai karatu zai ɗauka a can aka yi karatu. Wanda ya yi CS50 bai yi karatu a Harvard ba, ya yi kwas ɗin da Harvard ta buɗe wa kowa. Ka rubuta shi haka: sunan kwas, sannan jami'ar da ta shirya shi, sannan dandalin da ka yi shi. Ranar da aka gano ka lanƙwasa wannan, sauran gaskiyar da ke takardar ma ta zama abin zargi.

Aikin da za a iya buɗewa a gani

Nan ne ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi, domin nan ne kake da damar wuce mai digiri.

Matar nan tana da aikin ƙarshe na kwas ɗin Google, nazarin kamfanin hayar kekuna na ƙirƙira mai suna Cyclistic. Matsalar ita ce ɗimbin waɗanda suka gama kwas ɗin suna da wannan aikin, da bayanai iri ɗaya da sakamako kusan iri ɗaya. Haka bayanan fasinjojin jirgin ruwan Titanic da ke Kaggle, shafin da masu koyo ke ɗaukar bayanan gwaji. Wanda ya saba duba takardu yana ganinsu ya san aikin aji ne, an nuna maka hanya ka bi. Ba laifi ba ne a ajiye shi, amma kada ya zama na gaba.

Abin da ke da daraja yana ƙarƙashin hancinta, sito. Shekara huɗu tana kallon kaya suna shiga suna fita, ta san tambayoyin da manaja ke yi, kuma ta san inda lissafi ke rikicewa. Wanda ya fito daga jami'a jiya bai san wannan ba. Sai ta ɗauki tambaya guda ta gaske: waɗanne kaya ne suka kwanta a sito ba sa motsi, kuma wane wuri suka tare?

Bayanan kamfani ba nata ba ne, ba za ta ɗora su a intanet ba. Wannan doka ce da ba a sassauta ta, kuma mai ɗaukar aiki da ya ga bayanan wani kamfani a shafinka ya san gobe nasa za ka ɗora. Hanya biyu ce: ta nemi izini a rubuce, ko ta ƙirƙiri bayanan kwaikwayo masu tsari iri ɗaya, ta faɗa a fili cewa na kwaikwayo ne. Ta zaɓi ta biyu. Ta gina tebur na kaya iri 1,200 da na fitar kaya na wata goma sha biyu, har da irin dattin da ta saba gani: suna ɗaya an rubuta shi iri uku, kwanan wata a tsari biyu, layuka masu maimaici. Tambayarta ta farko a SQL ita ce wannan:

```sql
SELECT item, MAX(issue_date) AS last_issue
FROM stock_out
GROUP BY item
HAVING MAX(issue_date) < '2024-10-01';
```

Sai ta lura da wani abu. Wannan tambayar tana kawo kayan da aka taɓa fitarwa ne kawai. Kayan da ba a taɓa fitar da ko ɗaya ba, waɗanda su ne mafi kwanciya, ba sa cikin teburin fitarwa, don haka ba su bayyana ba. Ta gyara ta hanyar farawa daga teburin kaya gaba ɗaya ta haɗa shi da na fitarwa da LEFT JOIN, haɗin da ba ya zubar da kayan da ba su cikin teburin fitarwa. Wannan kuskuren da gyaransa ta rubuta su a bayanin aikin, kuma da ni ne ke duba takardu, wannan sakin layin zai fi burge ni a kan kowane zane mai launi. Yana nuna mutum yana zargin sakamakonsa kafin wani ya zarge shi.

Kowane aiki yana bukatar gajeren bayani a samansa, a GitHub, shafin da ake ɗora irin waɗannan ayyuka, shi ne fayil ɗin README. Ka ɗauka mai dubawa minti ɗaya zai ba ka. A cikin wannan mintin ya kamata ya san tambayar da ka yi, inda bayanan suka fito, abin da ka gano, da abin da aikin bai iya amsawa ba. Ka sa hoton sakamakon a nan sama, domin da yawa ba za su sauke fayil su buɗe ba. Aiki biyu ko uku da aka gama sun isa. Ma'ajiya mai ayyuka ashirin da aka fara aka watsar tana ba da labarin da ba ka so.

Wannan tsarin ba na masu bayanai kaɗai ba ne. Mai gina shafukan intanet ya ba da adireshin shafi mai aiki. Mai zane ya nuna abin da aka nema, zanen farko, da dalilin canza shi. Mai kula da kwamfutoci ya rubuta yadda ya kafa ƙaramar hanyar sadarwa, abin da ya lalace, da yadda ya gano.

Tsara takardar

Wadda fom ke kira "CV" ko "Resume", shafi ɗaya ya isa ga wanda bai kai shekara goma yana aiki ba. Ɗalibin da ya gama jami'a yana sa karatu a sama saboda shi ne ƙarfinsa. Kai ka juya tsarin: gajeren bayani na layi biyu ko uku, ƙwarewa, ayyuka, tarihin aiki, satifiket, sannan karatu a ƙasa.

A bayanin sama kada ka ba da haƙuri, kada ma ka ambaci digiri. Matar nan da farko ta rubuta cewa ita mai son koyo ce, mai ƙwazo, duk da ba ta samu zuwa jami'a ba. Wannan ya sa idon mai karatu a kan abin da babu. Ta mayar da shi: shekara huɗu a lissafin sito na kaya iri 1,200, tana aiki da Excel, SQL da Power BI wajen rahoton kaya da gano waɗanda suka kwanta. Da harshen da aka yi tallar za ka rubuta, amma ma'anar ke nan.

Tarihin aiki kuma sai an sake kallonsa da idon sabon aikin. Ta rubuta a da: "Kula da shige da ficen kaya." Gaskiya ne, amma ya ɓoye abin da ya kamata a gani. Ta tambayi kanta me ta canza a wurin, sai ta tuna rahoton ƙarshen wata da ake kwana biyu ana haɗa shi da hannu, ita ta mayar da shi awa uku da Power Query, kayan aikin haɗawa da tsabtace bayanai a cikin Excel. Layin ya koma: "Na sake gina rahoton kaya na wata-wata a Excel da Power Query, lokacin haɗa shi ya sauko daga kwana biyu zuwa awa uku." Sunan muƙaminta bai canza ba, ma'ajiyar sito ce, ba ta kira kanta mai nazari ba. Lambar da ba za ka iya bayanin yadda ka same ta ba, kada ka sa.

A ɓangaren ƙwarewa, ka jera abin da za ka yarda a jarraba ka a kai gobe da safe. Ta cire Python, saboda mako uku kawai ta yi a kai. Ka guji zanen taurari ko sanduna masu cewa ka iya abu kashi 80, ba wanda ya san kashi 80 na mene ne.

A ƙarƙashin karatu ka rubuta gaskiyar abin da kake da shi. In sakandare ce, layi ɗaya. In ka fara jami'a ba ka gama ba, ka sa sunan makarantar, fannin, da shekarun, ka nuna cewa ba a kammala ba. Barin shekaru kawai don a zaci ka gama wayo ne da ke tonuwa a lokacin binciken takardu, wanda sau da yawa yake zuwa bayan an riga an yi maka tayin aiki.

Wucewa ta fom

Manyan kamfanoni suna karɓar takardu ta manhajoji irin su Workday, Greenhouse da Lever. Manhajar tana ƙoƙarin karanta takardarka ta rarraba ta gida-gida, kuma tebura, ginshiƙai biyu da rubutu a cikin hoto suna rikita ta. Ka yi takarda mai ginshiƙi ɗaya da kanun da aka saba. Gwaji mai sauƙi: ka kwafe duk rubutun ka zuba a Notepad. In ya fito a jere yana karantuwa, da alama manhajar ma za ta karanta.

Abin da ya fi yanke mutum kai tsaye shi ne tambayoyin e ko a'a na cikin fom, irin "Do you have a bachelor's degree?". Ana iya saita su ta yadda a'a za ta fitar da kai kafin ɗan Adam ya ga sunanka. Kada ka amsa e. Amsar fom tana zama a rubuce, kuma ƙarya a cikinta dalili ne na kora ko bayan shekaru. Hanyar ita ce ka zagaya: ka nemo wanda zai shugabanci gurbin ko wani ma'aikaci a sashen, ka aika gajeren saƙo mai adireshin aiki guda da ya shafi matsalarsu. Matar nan ta fi mai da hankali kan kamfanonin da ke da sito da jigilar kaya, inda shekarunta huɗu suke da ma'ana. Saƙonta jimla huɗu ne: abin da take yi, gurbin da ta gani, adireshin nazarin kayan da suka kwanta, da tambaya ko suna duba wanda ya zo da gogewa a madadin digiri.

Ka kuma tanadi mutum biyu da suka ga aikinka da idonsu, tsohon shugaba ko wanda ka yi wa aiki. Su ne ke tsayawa a matsayin wanda ba kai ba da ya jarraba ka. Ka sanar da su tun kafin a kira su, ka tuna musu takamaiman aikin da za su yi magana a kai.

In an tambaye ka a intabiyu

Za a tambaya. Ka shirya amsar da ba ta wuce rabin minti ba: gaskiya a jimla ɗaya, abin da ka yi a madadin, sannan ka koma kan aiki. Tata ita ce: "Ban yi jami'a ba, na fara aiki bayan sakandare. Da na ga rahotonmu yana cin kwana biyu sai na koyi Excel da SQL don in gyara shi, daga baya na ci PL-300. In kuna so in nuna muku yadda na yi." Ba ta kawo dogon labarin dalili ba, ba ta kuma kushe jami'a ba. Mai yiwuwa wanda ke gabanta shekara huɗu ya yi a can.

Wanda ya koya da kansa yakan iya yin abu amma bai san sunansa ba, ko ya tsallake tushen da ake koyarwa a aji saboda aiki bai taɓa tilasta masa ba. Ga mai nazarin bayanai, gurbin yakan kasance a lissafin ƙididdiga: yaushe matsakaici ke yaudara, me ya sa tafiyar abu biyu tare ba ta nufin ɗaya ne ya jawo ɗayan. Ka ɗauki jadawalin darussan shekarar farko na fanninka daga shafin kowace jami'a, ka yi alama a kan abin da ba ka taɓa ji ba. In aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka nemo shi.

Inda wannan ba ya aiki, da yadda za ka gane matsalarka

Akwai wuraren da bango ne na gaske. Likitanci, aikin jinya, harhaɗa magunguna da lauyanci suna bukatar lasisi, lasisin kuma yana bukatar karatun da hukuma ta amince da shi. Ayyukan gwamnati da yawa sun ɗaure matakin albashi da takardar makaranta, wasu nau'o'in bizar aiki ma haka. A nan kyawun aikinka ba zai buɗe ƙofa ba, kada ka ɓata watanni kana ƙwanƙwasawa.

A sauran wuraren, ka riƙe lissafin duk inda ka nema da inda aka tsaya, domin wurin tsayawar yana nuna abin da ya lalace. In ka aika ashirin ba kira ko ɗaya, matsalar tana takarda ko zaɓin gurbi, ƙarin kwas ba zai gyara ta ba. In ana kiranka amma magana tana mutuwa bayan hirar farko, ka sake duba yadda kake ba da labarinka. In kana kaiwa gwajin aiki kana faɗuwa, to ƙwarewar ce ba ta kai ba tukuna, kuma gwajin ya riga ya nuna maka wurin. A ce matar nan sau biyu tana tsayawa a tambayar da ke bukatar jera kaya uku mafi fita a kowane reshe. Wannan aikin ROW_NUMBER ne tare da PARTITION BY. Sai ta ware mako biyu a kansa, ta ƙara wannan tambayar a nazarin sitonta, ta sabunta README, sannan ta ci gaba da aikawa.